Saƙon Asali da Saƙon da Aka Sake Rubutawa: Yadda Ake Gano Abin da Ya Sauya

Gabatarwa

Da wuya saƙo ya isa hannun wanda aka yi domin shi a cikin siffar da ya fito daga wurin mai shi. Shugaban makaranta zai rubuta doguwar wasiƙa, akawu ya taƙaita ta domin allon sanarwa. Hukuma za ta fitar da takarda da Ingilishi, a mayar da ita Hausa domin gidan rediyo. Likita zai yi bayani, ɗan rakiya ya rubuta wa dangi abin da ya fahimta. A duk waɗannan, wanda ya sake rubutun yana da 'yancin sauya kalmomi da tsarin jimloli. Amma akwai abubuwan da ba shi da ikon taɓawa ko kaɗan, wato kwanan wata da adadi da suna da sharaɗi. Abin takaici kuwa shi ne waɗannan ɗin su ne suka fi saurin sauyawa, kuma su ne suka fi wuyar ganowa idan sun sauya. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka, sa'annan ta bi saƙo guda ɗaya daki-daki domin nuna yadda ake gwada sabon rubutu da na asali.

Abin da ya sa saƙo yake sauyawa

A shekarar 1932 wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, mai suna Frederic Bartlett, ya wallafa sakamakon gwaje-gwajen da ya yi kan yadda mutum yake tuna abu. A ɗaya daga cikinsu ya ba mutum na farko wata tatsuniya ta 'yan asalin Arewacin Amurka ya karanta, bayan ɗan lokaci ya sa shi ya rubuta abin da ya tuna. Abin da na farkon ya rubuta shi aka ba na biyu, abin da na biyu ya rubuta aka ba na uku, haka dai aka yi ta yi har zuwa ƙarshen layi.

Da Bartlett ya jera rubuce-rubucen sai ya ga cewa sauyin da aka samu yana da tsari. Labarin ya yi ta gajarcewa. Sunayen garuruwa biyu da ke cikinsa, Egulac da Kalama, suka riƙa ɓacewa ko su rikiɗe. Abin da baƙo ne ga mai karatu kuma sai ya koma abin da ya saba da shi: farautar wata dabbar teku ta koma kamun kifi, kwalekwale ya koma jirgin ruwa irin wanda mutanen Ingila suka sani. Duk da haka, kowane sabon rubutu yana da daɗin karatu, ba wanda zai dube shi ya ce an yi ɓarna.

Darasin da ke nan shi ne, ƙwaƙwalwa ma'ana take riƙewa, sa'annan ta sake gina kalmomin daga baya. Idan kalma ta kauce a cikin jimla, sauran kalmomin za su tona mata asiri, domin maganar za ta ƙi zama daidai. Lamba kuwa ba ta da masu tsaron nan. Jimlar da ta ce a biya kuɗi ranar 12 ga wata da wadda ta ce ranar 21 ga wata duk lafiyayyu ne a nahawu, kuma duk suna shiga hankali. Haka suna yake. Saboda haka karanta sabon rubutu shi kaɗai, ko da sau goma ne, ba zai nuna kuskuren ba. Dole sai an ajiye shi gefe da gefe da na asali.

Saƙon da za a gwada

A ɗauka cewa shugaban wata makarantar sakandare a Jihar Kano ya rubuta wannan wasiƙa:

"Ɗaliban aji biyar waɗanda suke ɗaukar darasin labarin ƙasa za su kai ziyarar ƙaro ilimi madatsar ruwa ta Tiga ranar Asabar, 24 ga Fabrairu, 2024. Kowane ɗalibi zai biya Naira 4,570, wato Naira 3,200 kuɗin mota da Naira 1,370 kuɗin abinci. A biya wurin ma'ajin makaranta, kada ya wuce ranar Litinin, 12 ga Fabrairu. Mota za ta tashi da ƙarfe 7 na safe. Ɗalibin da mahaifinsa ko waliyyinsa bai sa hannu a takardar izini ba, ba zai tafi ba."

Aka ba wani ya taƙaita ta domin a aika wa iyaye, sai ya rubuta haka:

"Ana sanar da iyaye cewa 'yan aji biyar za su je yawon buɗe ido Bagauda ranar Asabar, 24 ga Fabrairu. Kuɗin tafiya Naira 4,750 ne, a kai wa ma'aji, kada ya wuce ranar Litinin, 21 ga Fabrairu. Za a tashi da ƙarfe 7 na safe, kowa ya zo cikin kayan makaranta."

Wanda ya karanta na biyun zai yaba shi, domin ya fi gajarta kuma ya fi sauƙi. Ga yadda ake bincika shi.

Mataki na farko: a tsamo ginshiƙan saƙo daga na asali

Kafin a dubi sabon rubutun, sai a kife shi, a ɗauki na asali da fensir, a ja layi ƙarƙashin duk abin da wani zai yi aiki da shi: wane ne, ina ne, yaushe ne, nawa ne, bisa wane sharaɗi. Kowanne a ba shi lamba. Dalilin kife sabon rubutun shi ne, idan mutum ya fara karanta shi, abin da ya gani a ciki zai zauna masa a rai, ya zama yana neman abin da zai gaskata shi maimakon abin da zai ƙaryata shi.

A wasiƙar shugaban makaranta akwai ginshiƙai tara: (1) su wane ne za su tafi, (2) wurin da za a je, (3) ranar tafiya, (4) jimlar kuɗi, (5) yadda kuɗin ya kasu, (6) wanda zai karɓi kuɗin, (7) ranar rufe biya, (8) lokacin tashi, (9) sharaɗin sa hannun iyaye.

Mataki na biyu: a bi daga na asali zuwa sabo

Yanzu sai a buɗe sabon rubutun, a nemi kowane ginshiƙi ɗaya bayan ɗaya, a rubuta a gabansa ko yana nan daidai, ko ya sauya, ko ya ɓace. Ba a karanta jimla gaba ɗaya a wannan mataki. Lamba ana kiranta ne alƙalami-alƙalami: huɗu, biyar, bakwai, sifiri. Suna kuma harafi-harafi.

Idan aka yi haka za a ga cewa uku ne kawai suka tsira lafiya, wato ranar tafiya da mai karɓar kuɗi da lokacin tashi. Huɗu sun sauya. Tafiyar da aka keɓe wa masu darasin labarin ƙasa ta zama ta dukkan 'yan aji biyar. Tiga ta koma Bagauda, kuma ba abin mamaki ba ne, domin wuraren biyu suna kusa da juna a kudancin Kano, duka kuma wuraren ruwa ne da ake kai ziyara. Irin sauyin da Bartlett ya gani ke nan, inda sunan da ya fi kusa da zuciyar mai rubutu ya ture wanda ke kan takarda. Naira 4,570 ta koma 4,750, sa'annan 12 ga wata ya koma 21.

Biyu kuma sun ɓace. A nan ana bukatar hukunci, domin taƙaitawa ba ta yiwuwa sai an zubar da wani abu. Tambayar da za a yi ita ce: idan mai karɓar saƙo bai san wannan ba, zai aikata wani abu daban da abin da mai saƙo yake nufi? Rashin sanin yadda kuɗin ya kasu ba zai hana uba biya ba, don haka ana iya barinsa. Amma rashin sanin sharaɗin sa hannu zai sa yaro ya biya kuɗinsa, ya yi sammako, a mayar da shi gida daga bakin mota. Wannan dole a dawo da shi.

Mataki na uku: a bi daga sabo zuwa na asali

Mutane da yawa a mataki na biyu suke tsayawa, alhali akwai kuskuren da ba ya kamuwa sai an juya akalar bincike. Bi daga na asali yana kama abin da ya sauya da abin da ya ɓace, amma ba ya kama abin da aka ƙara, tun da abin ba ya cikin jerin da aka tsamo. Saboda haka sai a ɗauki sabon rubutun, a tambayi kowace magana da ke cikinsa: daga wane layi na asali ta fito? A wannan misali, maganar zuwa cikin kayan makaranta ba ta da uwa a wasiƙar shugaba. Mai yiwuwa haka aka saba yi, mai yiwuwa ma shugaban zai yarda da ita, amma ba shi ya faɗa ba. Ko dai a cire ta, ko a koma a tambaye shi. Haka kuma "yawon buɗe ido" ya maye gurbin "ziyarar ƙaro ilimi", kuma uban da zai cire kuɗi daga aljihunsa ba zai ɗauki biyun abu ɗaya ba.

Yadda lissafi yake taimakawa

Kuskuren da ya mayar da 4,570 zuwa 4,750 sananne ne a wurin akantoci, wato musanya wurin alƙaluma biyu maƙwabta. Yana da wata alama da ba ya rabuwa da ita: bambancin lambobin biyu kullum tara tana raba shi ba saura. A nan, 4,750 a ɗebe 4,570 saura 180, wato tara sau ashirin. Haka ma 21 a ɗebe 12 saura 9.

Dalilin yana cikin lissafin ƙaramar sakandare. Lamba mai alƙaluma biyu, a da b, darajarta 10a + b ce. Idan aka juya su ta zama 10b + a. Bambancinsu shi ne 9a − 9b, wato 9(a − b). Idan musanyar ta faru a gurbin ɗaruruwa da gomomi, kamar yadda 5 da 7 suka yi a misalin nan, sai a ninka amsar da goma: tara sau biyu 18, sau goma 180. Har ila yau, idan sifiri ya faɗi, kamar 4,500 ta koma 450, bambancin shi ne 4,050, kuma shi ma tara tana raba shi, domin abin da ya ɓace kashi tara ne cikin goma na lambar farko. Don haka ma'ajin da ya ga jimlar littafinsa ta saɓa da jimlar rasit-rasit, kuma ya ga tara tana raba bambancin, ya san inda zai fara nema. Sai dai wannan alama ce kawai. Bambanci na iya rabuwa da tara bisa wani dalili daban, kuma dabarar ba ta kama kuskuren da aka rubuta 3 a maimakon 8.

Akwai kuma shaidun da saƙo yake ɗauke da su a cikin jikinsa. A wasiƙar asali, 3,200 da 1,370 idan aka haɗa su suna ba da 4,570, don haka jimlar tana da mai gaskata ta. Da mai taƙaitawa ya zubar da wannan rabon, ya zubar har da shaidar da za ta kama shi. Kwanan watan kuwa ya tona kansa: idan 24 ga Fabrairu Asabar ce, to 21 ga wata Laraba ce, ba Litinin ba. Ko ba a ga na asali ba, mai lura zai san akwai matsala. Wannan ne amfanin rubuta sunan rana tare da kwanan wata, kuma shi ne dalilin da ya sa ake rubuta adadin kuɗi a cakin banki sau biyu, da alƙaluma da kuma kalmomi. Naira 180 ba ta da yawa a ido, amma idan ɗalibai 60 suka biya, rarar Naira 10,800 ce za ta taru a hannun ma'aji ba tare da bayani ba, kuma sunansa ne zai ɓaci.

Tarkunan da ke cikin kwanan wata da ƙidaya

Wani lokaci ba a taɓa ko alƙalami ɗaya ba, amma ma'anar ta sauya. A Nijeriya da Nijar da Birtaniya, 04/03/2024 na nufin 4 ga Maris, wadda ta kama Litinin. A Amurka ana fara rubuta wata ne, don haka wannan rubutu na nufin 3 ga Afrilu, wadda ta kama Laraba. Kwamfuta ko wayar da aka saita bisa tsarin Amurka tana iya jawo wannan ruɗani. Maganinsa shi ne a rubuta sunan wata da kalmomi, ko a bi tsarin ƙasa da ƙasa wanda yake fara da shekara, sa'annan wata, sa'annan rana, wato 2024-03-04.

Kalmomi irin su "gobe" da "jibi" da "mako mai zuwa" su ma tarko ne, domin ma'anarsu tana rataye da ranar da aka rubuta su. Saƙon da aka rubuta ranar Litinin ya ce "jibi", idan aka kwafe shi kalma da kalma aka aika ranar Talata, ya ɗaga taron daga Laraba zuwa Alhamis. A nan aminci ga saƙo shi ne a sauya kalmar, a sa cikakken kwanan wata.

Ƙidayar Hausa ma tana da wurin da take bukatar kulawa. "Dubu ɗari da hamsin" wani zai rubuta 150,000, wani kuma 100,050. Mai mayar da kalmomi zuwa alƙaluma kada ya yi kirdado. Ya koma ga mai saƙo, kuma a sabon rubutu ya ce "dubu ɗari da dubu hamsin" idan ita ake nufi. Haka nan saƙon kuɗi da ya tsallaka iyaka. A Maraɗi ko Damagaram, "dala" tana nufin sefa biyar, don haka "dala ashirin" sefa ɗari ce, "jika" kuwa sefa dubu. A Kano "jaka" a da fam ɗari ce, wadda ta zama Naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. Wanda ya ji "dala ashirin" ya rubuta 20 da alamar kuɗin Amurka a gabanta, ya sauya kuɗin da adadin gaba ɗaya.

Ƙananan kalmomi masu nauyi

Bayan an gama da lambobi da sunaye, saura ƙananan kalmomin da suke riƙe da su: "kafin" da "bayan", "dole" da "ana iya", "aƙalla" da "kada ya wuce", da kuma "ba" ta korewa. Tarihin Afirka yana da babban misali a kan wannan. A shekarar 1889 Sarki Menelik na Biyu na Habasha ya ƙulla yarjejeniya da Italiya a garin Wucale, aka rubuta ta cikin harsuna biyu. A sashe na 17, rubutun harshen Amhara ya nuna cewa Sarkin yana iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da sauran ƙasashe idan ya so. Rubutun Italiyanci kuwa ya mayar da abin wajibi, kuma da shi Italiya ta dogara ta shaida wa ƙasashen Turai cewa Habasha ta shiga ƙarƙashin kariyarta. Menelik ya yi watsi da yarjejeniyar a 1893, rikicin ya kai ga yaƙi, har Habashawa suka fatattaki sojojin Italiya a Adwa a 1896. Kwanan wata da sunayen da ke takardun biyu ba su ne suka jawo rigimar ba. Saɓanin yana tsakanin "yana iya" da "dole" ne.

Wanda ya dace ya yi binciken, da iyakar binciken

Mutumin da ya sake rubuta saƙo shi ne mafi rauni wajen bincika shi, domin idonsa yana ganin abin da ya yi niyyar rubutawa. Masu gyaran rubutu a maɗaba'a sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke aiki mutum biyu: ɗaya yana karanta na asali da murya, ɗaya yana bin sabon da yatsa. Matuƙan jiragen sama ma haka suke yi, suna maimaita wa hasumiya lambobin umarnin da aka ba su, domin mai ba da umarnin ya ji ko sun isa daidai. Idan babu mutum na biyu, sai mai rubutun ya bar takardar ta ɗan huta, sa'annan ya bi ginshiƙan daga na ƙarshe zuwa na farko, yadda zaren labari ba zai ɗebe masa hankali ba.

Wajibi ne kuma a gwada da na asali na haƙiƙa, domin kwafin kwafi yana gadon kurakuran magabatansa. A ɗauka, alal misali, cewa a kowane kwafi akwai yiwuwar ɗaya cikin ashirin wata lamba ta sauya. Yiwuwar ta tsira a kwafi ɗaya ita ce 0.95. Bayan hannu biyar sai a ninka 0.95 da kanta sau biyar, a sami wajen 0.77, wato kusan sau ɗaya cikin huɗu lambar za ta iso a gurguje.

Daga ƙarshe, wannan bincike yana da iyaka. Abin da yake tabbatarwa shi ne sabon rubutu ya dace da na asali. Bai tabbatar da cewa na asalin gaskiya ne ba. Da shugaban makarantar ne da kansa ya rubuta "Litinin, 21 ga Fabrairu", mai taƙaitawa ba shi da hanyar sanin ko ranar ce kuskure ko lambar, domin mai yiwuwa Litinin 12 ga wata ake nufi, mai yiwuwa kuma Laraba 21 ga wata. Idan ya gyara da kansa, zato ya yi. Abin da ya kamata shi ne ya mayar wa mai saƙo da tambaya.

Kammalawa

Malami zai iya gwada wannan a aji cikin darasi guda. Ya rubuta saƙo mai ginshiƙai tara ko goma, ya ba ɗalibi na farko ya karanta, ya karɓe takardar, ɗalibin ya rubuta abin da ya riƙe ya miƙa wa na gaba, har a kai mutum biyar. Sa'annan a rubuta na asali da na ƙarshe a allo, 'yan aji su bi matakan nan uku, su ƙidaya nawa ne suka tsira, nawa suka sauya, nawa suka ɓace, nawa kuma aka ƙara. Idan aka ajiye takardun tsakiya, za a iya nuna hannun da kowane sauyi ya shigo ta cikinsa.